Wasiƙar mai gida ga ɗan hayan da kuɗi ya taru a kansa: yadda ake tsara biyan da zai yiwu

A yawancin biranen Arewa, kuɗin hayar gida na shekara ake biya, kuma a farkon shekarar. Shi ya sa idan ɗan haya ya makara, bashin ba ya zuwa kaɗan. Ko dai ya ba da wani abu ya ce a jira shi, ko kuma shekara ta zagayo ba a ga ko sisi ba. Abin da ya fi yawa shi ne mai gida ya yi ta aike da kira a waya, shi kuma ɗan haya ya yi ta cewa "in sha Allahu ƙarshen wata", har wata shida ta wuce babu wanda zai iya faɗin ainihin nawa ya rage. Wasiƙar da za mu bi a nan ita ce ke tsayar da wannan jan ƙafa: tana faɗin bashin daidai, tana kawo jadawalin biya da aljihun ɗan haya zai iya ɗauka, kuma tana zama hujja idan magana ta kai gaban mai unguwa ko alƙali.

Za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Gida ne mai ciki biyu da falo a wata unguwa a Kano, hayarsa naira 360,000 a shekara, wato naira 30,000 ke nan a wata. Shekarar hayar ta fara ran 1 ga Maris 2025, za ta ƙare ran 28 ga Fabrairu 2026. Ɗan hayan ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi, yana da mata da 'ya'ya uku, yana kuma da 'yar gona a ƙauyensu. Yanzu ana tsakiyar Agusta.

Kafin a ɗauki biro, a fitar da lissafi

Mataki na farko ba rubutu ba ne. Mai gida ya ɗauko littafin rasit, da takardar yarjejeniyar haya idan akwai, da bayanan asusun bankinsa tun daga watan da shekarar hayar ta fara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai dillali ko mai kula da gida da yake karɓar kuɗi a madadinsa, ya kira shi ya tambaye shi ko ɗan hayan ya taɓa ba shi wani abu a hannu. Nan ne rigima ta fi tasowa: mai gida ya rubuta cewa yana bin 260,000, ɗan haya ya fito da alat na 50,000 da ya tura wa dillali tun watan Mayu. Daga wannan lokacin duk abin da ke cikin wasiƙar ya zama abin tuhuma, ko da sauran gaskiya ne.

A misalinmu, bincike ya nuna an biya 100,000 ran 5 ga Maris, an ƙara 50,000 ran 30 ga Mayu. Saura 210,000 na haya. Akwai kuma kason kuɗin ruwa na rijiyar burtsatse da 'yan hayar gidan ke haɗawa, 3,000 a wata, wanda mai gida ya riƙa biya masa tun Maris har Agusta, wata shida, ya kama 18,000. Jimla 228,000.

A rubuta haya daban, kuɗin ruwa daban, kada a dunƙule su. Kuma a tambayi kai ko ɗan hayan ya yi wani gyara da aljihunsa bisa izinin mai gida, kamar canja famfo ko toshe yoyon kwano. Idan ya yi, a cire kuɗin tun yanzu a nuna an cire. Mutumin da ya ga an ƙirga masa haƙƙinsa ba tare da ya roƙa ba, ya fi saurin amsa nasa nauyin.

Abu ɗaya da ba ya shiga lissafin nan shi ne ƙari saboda jinkiri. A wajen Musulmi, ɗora wani abu a kan bashi don an makara riba ce. A wajen kotu kuma, tarar da ba a rubuta ta a yarjejeniyar farko ba da wuya ta tsaya. Wanda ya ga darajar kuɗi ta faɗi, hanyarsa ita ce ya sake duba kuɗin hayar shekara mai zuwa ya sanar da wuri, ba ya kumbura tsohon bashi ba.

A zauna da shi tukuna

Wasiƙar da ta faɗo wa mutum ba zato, musamman idan yaro aka ba ya miƙa wa matarsa, tana kama da sammaci. Gara a fara da zama na minti ashirin, a zaure ko bayan an fito masallaci an keɓe, ba a gaban sauran 'yan haya ba. Abu uku ake son ji daga bakinsa. Me ya jawo makarar? Nawa ke shigo masa, kuma a wace rana? Akwai wani kuɗi mai kauri da yake jira, kamar kwasar adashi, amfanin gona ko ariyas na albashi?

Amsar tambaya ta farko ita ce ke nuna ko jadawali zai yi amfani. Wanda rashin lafiyar mahaifiyarsa ta cinye masa kuɗin haya, amma albashinsa na nan yana shigowa, matsalarsa mai wucewa ce. Wanda aka sallama daga aiki, ko shagonsa ya rufe, nasa lissafin daban ne, za mu zo kansa.

Ɗan hayan misalinmu yana karɓar 140,000 a wata, albashin yana shiga tsakanin 25 zuwa 30 ga wata. Abinci yana cin kusan 60,000, kuɗin mota 18,000, wuta da gas 12,000, magani da ƙananan buƙatu 10,000. Abin da ke saura bai wuce 40,000 ba, kuma daga cikinsa ne kuɗin makarantar yara ke fita a Satumba da Janairu. Yana sa ran sayar da buhunan masara a ƙarshen Nuwamba.

Gina jadawalin

A nan ne mafi yawan masu gida ke yin kuskure. Sai mutum ya raba 228,000 gida uku ya ce a biya 76,000 duk wata. Ɗan haya, saboda kunya da tsoron a tashe shi, zai ce ya amince. Amma 76,000 ya haura rabin albashinsa. Wata na farko zai ranto ya biya, wata na biyu ya kawo rabi, wata na uku ya daina ɗaga waya. Mai gida ya rasa wata uku, ɗan haya ya ƙara wani bashin a wani wuri, ga kuma amana ta lalace. Idan ɗan haya da bakinsa ya yi alkawarin adadin da ya fi ƙarfinsa, mai gida mai hankali ya rage masa da kansa.

Ƙa'idar da ke aiki ita ce kason kowane wata ya tsaya ƙasa da abin da ke saura a hannunsa bayan ci da sha, a bar masa ɗan sarari. Idan saura 40,000 ne, kaso ya tsaya wajen 35,000, tunda akwai kuɗin ruwa na 3,000 da zai ci gaba da biya duk wata. Sannan ba dole kason ya zama iri ɗaya ba. A sassauta a watannin komawa makaranta, a ɗora nauyi a watan da kuɗin masara zai shigo. Ga yadda ya fito: Satumba 28,000, Oktoba 35,000, Nuwamba 35,000, Disamba 65,000, Janairu 30,000, Fabrairu 35,000. Idan aka haɗa, 228,000 ne cif.

Ranar biya ma tana buƙatar tunani. Kada a rubuta "ƙarshen wata", domin wannan ba rana ba ce. Kada kuma a sa ranar da albashi ya saba shiga, domin yakan yi jinkiri. A sa kwana biyar zuwa bakwai bayanta. Idan aka matsa fiye da haka, kuɗin ya riga ya narke a cefane. Mun zaɓi 5 ga kowane wata. Ga ɗan kasuwa mai samun kuɗi kullum, kaso na mako-mako ya fi masa sauƙi, misali 9,000 duk Juma'a, domin tara 35,000 a aljihun mai jari abu ne mai wuya. Manomi kuwa a bi kakarsa.

An ƙare jadawalin ran 5 ga Fabrairu da gangan. Azumin 2026 zai kama bayan tsakiyar Fabrairu, ƙaramar Salla ta biyo a Maris, kuma kowa ya san yadda kuɗi ke fita a gida a wannan lokacin. Mafi muhimmanci, ran 1 ga Maris sabuwar haya za ta faɗo.

Wannan sabuwar hayar ita ce abin da ake mantawa, kuma ita ce ke rusa jadawalin da aka sha wahalar tsarawa. Mutumin da ya kwashe wata shida yana zuba duk rararsa a tsohon bashi, daga ina zai samo 360,000 a dunƙule ran 1 ga Maris? Ba zai samu ba. Idan wasiƙar ba ta taɓo wannan ba, a watan Afrilu za a koma gidan jiya. Saboda haka a ba shi zaɓi tun yanzu: idan ya cika jadawalin, daga Maris ya koma biyan 30,000 duk wata, ko 90,000 duk wata uku, ko kuma ya faɗi da wuri cewa zai tashi. Mai gida zai rasa jin daɗin karɓar kuɗi a dunƙule, gaskiya ne. Amma gidan da ya zauna wata biyu babu kowa ya riga ya cinye 60,000, ban da fenti da gyara kafin sabon ɗan haya ya shiga.

Wasiƙar kanta

Shafi ɗaya ya isa, ko ɗaya da rabi. A rubuta da harshen da ɗan hayan yake karantawa da kansa. Idan ajami ya fi sani, a yi masa da ajami. Idan ana hasashen za a je kotu, babu laifi a yi kwafi biyu, Hausa da Turanci, muddin alƙaluman sun zo ɗaya. Ga samfuri, a sauya sunaye da alƙaluma:

18 ga Agusta 2025

Zuwa ga Malam Wane,
mai haya a sashe na biyu, gida mai lamba kaza, unguwa kaza, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Na rubuto ne a kan maganar da muka yi ranar Asabar game da ragowar kuɗin haya, domin abin da muka tattauna ya zama a rubuce, kowa ya riƙe nasa.

Hayar wannan shekara, daga 1 ga Maris 2025 zuwa 28 ga Fabrairu 2026, naira 360,000 ce. Ka biya naira 100,000 ran 5 ga Maris, ka ƙara naira 50,000 ran 30 ga Mayu. Saura naira 210,000. Akwai kuma kuɗin ruwa na wata shida, Maris zuwa Agusta, naira 18,000. Jimlar abin da ya rage naira 228,000 (dubu ɗari biyu da ashirin da takwas). Idan akwai wani biya da ka yi wanda ban ƙirga ba, ka kawo mini shaidarsa mu gyara.

Na ji bayanin da ka yi mini na halin da aka shiga, Allah Ya ƙara sauƙi. Bisa abin da ka ce za ka iya, ina ba da shawarar a biya kamar haka:

5 ga Satumba 2025: naira 28,000
5 ga Oktoba 2025: naira 35,000
5 ga Nuwamba 2025: naira 35,000
5 ga Disamba 2025: naira 65,000
5 ga Janairu 2026: naira 30,000
5 ga Fabrairu 2026: naira 35,000

Babu wani ƙari a kan wannan kuɗi. Kuɗin ruwa na naira 3,000 daga Satumba zai ci gaba a wajenka duk wata, ba ya cikin wannan lissafi. Za a riƙa biya ta asusuna na banki kaza, lamba kaza, kuma zan ba ka rasit a kan kowane biya. Idan ka samu hali ka biya fiye da kason wata, za a rage daga na ƙarshe.

Idan ka ga wani wata ba za ka iya cikawa ba, ka sanar da ni kafin ranar, ina ba da sararin kwana bakwai. Idan aka tsallake biya biyu, wannan sassauci ya ƙare, duk abin da ya rage ya zama abin biya nan take, kuma zan bi hanyar da doka ta ba ni. Wannan tsari bai soke yarjejeniyarmu ta haya ba, bai kuma sauke wani haƙƙi nawa ko naka ba.

Game da shekara mai zuwa: idan an cika wannan jadawali, na yarda daga 1 ga Maris 2026 ka koma biyan naira 30,000 duk wata ko naira 90,000 duk wata uku, mu rubuta sabuwar yarjejeniya a kan haka. Ka sanar da ni zaɓinka, ko niyyar tashi, kafin 5 ga Janairu.

Idan ka amince, ka sa hannu a ƙasa ka dawo mini da kwafi ɗaya kafin 25 ga Agusta. Idan akwai adadi ko rana da ka ga ba za ta yiwu ba, ka faɗa mini kafin ka sa hannu, mu gyara tare.

Na gode. Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Sa hannun mai gida, da kwanan wata.

Ni, Wane, na karanta, na tabbatar ana bina naira 228,000, kuma na amince da wannan jadawali.

Sa hannun ɗan haya, da kwanan wata.
Shaida na farko: suna, sa hannu, lambar waya.
Shaida na biyu: suna, sa hannu, lambar waya.

Dalilin wasu layuka

Layin da ya fi kowane nauyi shi ne na ƙasa, inda ɗan haya ya tabbatar da adadin da hannunsa. Kafin ya sa hannu, 228,000 iƙirarin mai gida ne kawai. Bayan ya sa hannu, babu sauran jayayya a kan nawa ne, sai dai a kan yaushe. Shi ya sa ake rubuta jimlar da lamba da kuma haruffa, don kada wani ya ce an ƙara sifili. Wanda ba ya sa hannu ya dangwala yatsa, bayan an karanta masa a gaban shaidu, a kuma rubuta sunan wanda ya karanta masa. Rubuta bashi mai wa'adi da kafa shaidu umarni ne da ya zo a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma aya ta 280 ta surar ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Idan ɗan haya ya ji kamar takardar rashin yarda ce, wannan ya isa amsa.

Shaidu su zama mutanen da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsu, ɗaya daga wajen mai gida, ɗaya daga wajen ɗan haya. Limamin masallacin unguwa, ko wanda ya kawo ɗan hayan tun farko, ko yayansa. Kada a sa wani ɗan haya na gidan, domin an tona wa mutum asiri ke nan a inda yake kwana. A kuma bambance shaida da mai tsayawa. Shaida ya ga an sa hannu ne kawai, ba a bin sa ko kwabo. Idan ana son wanda zai biya in ɗan haya ya gaza, sai an rubuta haka ƙarara, shi ma ya sa hannu a kan wannan layin da saninsa.

Sharaɗin "biya biyu" yana da dalili. Idan aka ce da zarar an tsallake ɗaya komai ya rushe, jinkirin albashi na mako guda zai kashe tsarin da ke tafiya lafiya. Idan kuma ba a sa iyaka ba, takardar ta zama wani "in sha Allahu" a rubuce. Jumlar da ke cewa tsarin bai sauke haƙƙin kowa ba tana kare mai gida daga a ce ai da ya karɓi biya kaɗan-kaɗan ya yafe sharuɗɗan farko.

Akwai abubuwan da ba sa shiga wasiƙar ko da rai ya ɓaci. Babu gori a kan alherin da aka yi a baya, babu maganar sabon babur da aka gan shi da shi ko ankon da matarsa ta yi. Babu barazanar cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, sa kwaɗo ko watso kaya waje. A dokar Najeriya kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya, kuma mai gidan da ya yi gaban kansa yana iya komawa wanda ake ƙara, har a ci shi diyya. Barazanar da aka rubuta aka sa wa hannu hujja ce da mai gida ya miƙa wa abokin shari'arsa. Haka nan ambaton 'yan sanda: bashin haya ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa, magana ce ta kotun farar hula.

Wannan wasiƙa ba notis ba ce

Mutane da yawa suna haɗa biyun a takarda ɗaya, su ce "ka biya ko ka tashi nan da wata ɗaya", sai takardar ta kasa zama ko ɗaya. Notis ɗin tashi yana da nasa tsari. Kowace jiha da dokarta, amma abin da aka saba, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, shi ne mako ɗaya ga mai biyan mako-mako, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biyan wata uku-uku, wata shida ga ɗan hayar shekara. Bayan wa'adin ya cika, sai a ba da wata takardar ta kwana bakwai mai sanar da niyyar zuwa kotu don karɓar gida.

Dubi abin da wannan ke nufi a misalinmu. Shekarar hayar na ƙarewa ran 28 ga Fabrairu. Idan ana son notis na wata shida ya cika daidai da ƙarshen shekarar, dole ya isa hannun ɗan haya kafin Agusta ta fita. Shi ya sa aka sa 25 ga Agusta a matsayin ranar dawo da amsa. Idan ya yi shiru ko ya ƙi, akwai sauran kwanaki da mai gida zai ga lauya a rubuta notis yadda ya dace da dokar jihar. Kuskuren kwana ɗaya a lissafin wa'adi yana iya sa a ce a sake daga farko, don haka wannan takardar ba ta gwaji ba ce. Sauya biya daga shekara zuwa wata-wata ma yana iya sauya irin wa'adin da ɗan haya zai cancanta, shi ya sa wasiƙar ta ce za a rubuta sabuwar yarjejeniya, inda za a faɗi wa'adin a fili.

Miƙawa da bibiya

A buga kwafi biyu, a miƙa hannu da hannu ga shi ɗan hayan, ba ga matarsa ko yaransa ba. Ko bai amince da jadawalin nan take ba, ya rubuta "na karɓa" da kwanan wata a kan kwafin mai gida. Bayan haka a ɗauki hoton takardar a tura masa ta WhatsApp. Kotuna na karɓar saƙonnin waya a matsayin hujja bisa sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, amma takarda mai sa hannu ta fi sauƙin tabbatarwa, saboda haka saƙon waya ƙari ne kawai.

Biya ta banki ya fi, domin yana barin sawu. Idan ta shagon masu cirar kuɗi zai turo, sunan mai shagon ne zai fito a alat, ba nasa ba, don haka ya ajiye 'yar takardar da injin ya fitar, ya turo hotonta a ranar, tunda rubutunta yakan goge cikin 'yan watanni. Kowane rasit ya nuna abu uku: abin da aka karɓa, na wane kaso ne, da abin da ya rage. Bayan biyan Oktoba, misali, a rubuta: "An karɓi 35,000, kaso na biyu, saura 165,000." Saƙon tuni guda ɗaya kwana biyu kafin ranar ya wadatar.

Watanni biyu na farko su ne ke nuna inda aka dosa. Wanda ya kira ran 3 ga wata ya ce albashi bai shigo ba, ya kawo ran 9, yana kan hanya, a bar shi. Wanda ya kawo 20,000 maimakon 35,000 wata biyu a jere, amma yana zuwa da ƙafarsa, jadawalin ne ya yi masa nauyi. A zauna sau ɗaya a sake tsara jadawalin a rubuce, a miƙe shi zuwa Afrilu idan mai gida zai iya jira, kada a bar gyaran a baki. Wanda ya tsallake biyan farko kuma ya daina ɗaga waya, da wuya na biyu ya zo. Nan sai a sa shaidun su yi masa magana, daga nan mai unguwa, ko ofishin Hisba a inda take yin sulhu, sannan kotu da takardar da ya sa wa hannu.

Idan lissafin ya ƙi fita

Misalinmu ya yi sauƙi ta fuska ɗaya: bashin na shekarar da ake ciki ne, babu sabuwar haya da ke hawa kansa kafin Maris. A ce 228,000 ɗin na shekarar da ta wuce ne, ga kuma hayar bana tana tafiya. Daga rarar 40,000, hayar wata za ta ɗauke 30,000, ruwa 3,000, saura 7,000 kacal na rage tsohon bashi. A haka sai an yi wata 33 kafin a gama. Idan kuma rarar ɗan hayan ba ta ma kai 30,000 ba, gidan ya fi ƙarfinsa, kuma kowane wata da ya ƙara a ciki bashin ƙaruwa yake yi.

A irin wannan hali wasiƙar gaskiya ita ce ta rabuwa cikin mutunci. A sa ranar da zai miƙa makulli, wata ɗaya ko biyu, don ya samu wurin da ya dace da samunsa. Mai gida ya yafe wani kaso, misali 78,000, da sharaɗin an miƙa makulli a ranar kuma gida yana lafiya. Ragowar 150,000 a raba 15,000 duk wata har wata goma, tare da mai tsaya masa da ya sa hannu, domin bin bashi bayan mutum ya bar unguwa ya fi wuya. A rubuta a fili cewa yafiyar tana tabbata ne ranar da makulli ya shiga hannu, idan ranar ta wuce bai tashi ba bashin ya koma 228,000. Idan akwai kuɗin ajiya da ya bayar lokacin shiga saboda ɓarna, a zagaya gidan tare da shi da shaida ɗaya a ranar tashi, a cire kuɗin gyaran da aka gani, abin da ya rage a zabge shi daga bashin a rubuta sabon adadin a kan takardun biyu.